Wasiƙar neman rasit ga mai biyan kuɗin haya kashi-kashi

'Yan uwa mazauna Legas, dokar haya ta jihar ta 2011 ta wajabta wa mai gida ba da rasit, don haka idan kuna biya kashi-kashi ku nema a rubuce, kada ku dogara da shaidar tura kuɗi ta banki, wadda ba ta nuna ragowar da ake bin ku.

Ga misali: "Ranka ya daɗe, daga hayar ɗakina da ke Agege ta shekara, naira 600,000, na biya 250,000 ranar 5 ga Janairu da 150,000 ranar 2 ga Maris. Ina roƙon rasit mai sa hannunka da zai nuna waɗannan ranakun, da wa'adin hayar, da ragowar 200,000."

Idan wakilinsa ne ya karɓi kuɗin, ku ambaci sunansa, domin a nan gardama ta fi tashi. Ku ajiye kwafin wasiƙar.