Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta rahoton taron wurin gini

Na gaji da karanta rahoton taro mai shafi huɗu wanda in ka gama ba za ka iya nuna mutum ɗaya ka ce gobe ga aikinka ba. Duk mako a tara akitek da injiniyoyi da ɗan kwangila da masu famfo da masu wayarin, a ci awa biyu a ofishin kwantena, sannan a miƙa wa ƙaramin injiniya biro ya rubuta. Shi kuma ya cika takarda da "an tattauna", "an ja hankali", "za a duba". Ƙannena, ku nake wa magana, domin galibi ku ake ɗora wa rubutun ba tare da an koya muku ba.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne aikin da ba shi da mai shi. Kalmar "za a" ita ce mafakarsa. A wani gini mai hawa uku da na riƙe wa ɗan kwangila, rahoton taron Talata ya fito da wannan layi: "Za a haɗa kai tsakanin masu famfo da masu ɗaurin rodi kan hanyoyin bututu kafin zuba dakin." Kowa ya karanta, kowa ya gyaɗa kai. Abin da ake nufi shi ne a dasa silif, wato guntun bututu mai faɗi da ake kafawa a kan katakon dakin kafin a zuba kankare, domin bututun masai mai milimita 110 ya samu inda zai ratsa. Mai famfo yana jiran akitek, saboda an matsar da banɗakuna biyu kuma sabon zane bai fito ba. Mai ɗaurin rodi yana jiran mai famfo ya zo ya yi masa alama. Akitek kuwa bai ga sunansa a layin ba, don haka bai san shi ake jira ba. Ranar Asabar motar kankare ta zo, aka zuba.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya yi aikin gini ya san shi. Dakin mai kaurin milimita 150, da rodi mai milimita 12 a tsakanin kowane milimita 200, ba a huda shi da ka. Ramin da zai ɗauki wannan bututu yana iya cin rodi, yana iya cin bututun wayar lantarki da aka binne a ciki. Dole muka jira injiniyan da ya zana rodin ya zo ya nuna inda za a huda da inda ba za a taɓa ba, muka ɗauko hayar injin huda kankare, masu bulo na saman suka zauna. Da an dasa silif tun farko, ƙarin rodi 'yan kaɗan a kewayen ramin sun wadatar, aikin da bai kai yini ba. Da aka zo maganar wa zai biya, kowa ya zaro rahoton nan, kuma babu wanda layin ya kama. Kuɗin ya faɗo kan kamfanin da nake wa aiki, saboda mu muka zuba.

Layin nan ayyuka uku ne aka cusa a jimla ɗaya, kuma kowanne yana jiran na gabansa. Misali a ce taron na Talata 14 ga Mayu ne, zubi kuma Asabar 18 ga Mayu. Ga yadda nake rubuta shi:

14.3 Akitek zai aiko da zane A-103 gyara na C, mai nuna sabon wurin banɗakuna biyu na hawa na ɗaya, ranar Laraba 15 ga Mayu kafin ƙarfe 12 na rana.

14.4 Shugaban masu famfo zai dasa silif a duk wuraren da zane A-103 gyara na C ya nuna, ya gama ranar Alhamis 16 ga Mayu kafin ƙarfe 5 na yamma.

14.5 Injiniyan mai sa ido zai duba silif da ƙarin rodin kewayensu, ya sa hannu a takardar izinin zubi ranar Juma'a 17 ga Mayu kafin ƙarfe 11 na safe. Babu zubi sai da wannan sa hannu.

A rahoton gaske, sunan mutum nake sawa da sunan kamfaninsa. In ka rubuta "ɗan kwangila" kawai, ka rubuta mutum arba'in. In ka sa suna biyu a layi ɗaya, kowanne zai jingina da ɗan'uwansa, to raba layin gida biyu. Kuma kada ka ɗora aiki kan wanda bai zo taron ba. Ba ya nan, bai amsa ba. Ɗora wa wanda yake zaune a wurin aikin sanar da shi, da ranar da zai kawo amsarsa.

Lura da yadda ranakun can suka fito. Daga ranar zubi na ƙirgo baya, kuma na tsayar da dubawa kafin 11 na safe saboda na san da an tafi masallacin Juma'a da wuya a sake haɗa mutane, ga shi in an ga gyara ana bukatar yammacin. Wa'adi irin su "nan ba da jimawa ba", "cikin gaggawa", "mako mai zuwa" da "bayan Sallah" ba su da wurin zama a takardata. Bayan Sallah yaushe, alhali leburori wasu sai sun yi kwana goma a gida? In mutum ya ce in sha Allah zai kawo, sai in ce, "Allah ya yarda, Injiniya. Wace rana zan rubuta?" In yi shiru har ya faɗa da bakinsa. Ranar da mutum ya furta a gaban jama'a ya fi jin nauyinta a kan wadda ka ƙaƙaba masa. Idan kuma ya saɓa, kada ka goge tsohuwar rana ka maye da sabuwa. Bar ta a wurin, ka rubuta sabuwar a ƙasanta. Wata shida nan gaba, in ana jayayya kan wa ya jawo jinkiri, waɗannan ranakun da ke jere su ne shaidarka.

Kuskure na biyu ya fi na farko cin kuɗi, kuma manya ma suna yin sa: a yanke shawara a taro, a rubuta ta kamar hira. Mai gini ya zo zagaye, ya tsaya a falo ya ce, "Injiniya, wannan bangon ya matse, a ja shi baya." Kowa ya ce, "To, ranka ya daɗe." Sai rahoto ya fito da "An tattauna batun bangon falo, an amince a gyara." Wa ya amince? A ja shi da nawa, zuwa wane ɓangare? Bangon yana ɗauke da nauyi ko na raba ɗaki ne kawai? An riga an ɗora bulo layi nawa da za a rushe? Na ga an rushe bango an sake shi a kan irin wannan layi na rahoto, da aka kawo lissafi mai ƙiyasin kuɗi ya ce bai ga umarnin kowa ba, kuma gaskiyarsa. Wallahi abin takaici ne a ce kana da digiri, ka zauna ka ji an taɓa kuɗi da lokaci, ka rubuta "an amince" ka wuce.

Shawara tana bukatar a ga wanda ya yanke ta, da abin da aka yanke da awonsa, da inda yake a zane. Sai a ce: bisa bukatar mai gini, akitek ya yanke a matsar da bangon falo na layin C, tsakanin 3 da 4, milimita 600 zuwa gabas. A ƙasa kuma ayyukan da ta haifa, kowanne da mai shi da ranarsa: akitek ya fitar da umarni a rubuce, injiniya ya tabbatar babu matsalar nauyi, ɗan kwangila ya kawo kuɗi da kwanakin da canjin zai ƙara. In ba a yanke komai ba, rubuta hakan ƙarara, ka sa sunan wanda zai yanke da ranar.

Kada kuma ka ɗauka rahoton taro ya wadatar a matsayin umarni ko sanarwa. Buɗe kwangilarku ka karanta. A jan littafin FIDIC na 1999, wato tsarin sharuɗɗan kwangilar gini da ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya ta fitar, sashe na 3.3, idan injiniya ya ba da umarni da baki, ɗan kwangila zai tabbatar da shi a rubuce cikin ranakun aiki biyu, in injiniya bai musa ba cikin wasu ranakun aiki biyu, ya zama umarni. Sashe na 20.1 kuma ya ba ɗan kwangila kwana 28 ya ba da sanarwar neman ƙarin lokaci ko kuɗi, daga ranar da ya san abin ko ya kamata ya sani, in ya wuce ya rasa haƙƙinsa. Ni dai ko rahoto ya faɗi magana dalla-dalla, wasiƙa daban nake aikawa, in ambaci lambar layin a ciki.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata aiki. Kada ka sauya wa layi lamba duk mako, 14.4 ya ci gaba da zama 14.4 har a rufe shi. Kada ka rufe layi don an ce "an yi". Sakamakon gwajin kankare na kwana 7 ba ya rufe layin da ke jiran na kwana 28, kuma "na tura" ba daidai yake da "ya iso" ba. Rubuta wata da sunansa, domin 5/6 wani zai karanta Mayu, wani Yuni. Cacar baki da wa ya ɗaga murya ba su shafi takarda ba, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Sa sunayen waɗanda suka zo da waɗanda aka gayyata ba su zo ba.

Jinkirin rabawa ma kuskure ne. Rahoton Talata da ya fito ranar Litinin ya tarar da rabin wa'adinsa sun shige. Al'adata ita ce kafin kowa ya tashi daga kujera, ina karanta ayyukan da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, mai kowane aiki ya ce ya ji. Wasu manya suna ƙosawa, ban damu ba, minti biyar ne. Washegari kafin azahar rahoton ya fita ta imel a PDF, sannan in saka shi a zauren WhatsApp na aikin saboda shugabannin ma'aikata a can suke dubawa. A ƙasansa nake rubuta cewa duk mai gyara ya aiko a rubuce cikin ranakun aiki uku, kuma abu na farko a taro na gaba shi ne amincewa da shi da sa hannun shugaban taro.