Ku tambayi inda ribar take fitowa kafin ku tura ko kwabo

Jama'a, idan aka jefa ku a wani gurup na zuba jari, ku fara da tambaya ɗaya a bainar kowa: "Da wace sana'a ake juya kuɗin nan?"

Mai kasuwancin gaskiya zai faɗi abin da yake saye da sayarwa, da lambar rajistarsa, har da yadda ake iya yin asara. Ɗan damfara sai kame-kame: "kasuwancin intanet ne", "ƙwararrunmu sun san sirrin". Ko a goge tambayar, admin ya biyo ku ta bayan fage.

Ku yi lissafi da kanku. A ce an yi muku alkawarin ribar kashi 10 cikin 100 duk mako, ba faɗuwa. Idan ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi, dubu ɗari za ta haura miliyan 14 a shekara. Mai irin wannan sana'ar me zai yi da 'yan kuɗinku?

Hotunan alat ɗin da ake ta turowa ba hujja ba ne, a waya ake haɗa su. Ku ƙura ido: masu godiyar kalmominsu iri ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa asara.

"Saura gurbi biyar, a daren nan za a rufe" kuwa, don kada ku samu zarafin bincike ne.

Sai dai ba kowane ɗan damfara tambayar take kamawa ba. Wasu sun haddace amsa, har su biya ribar farko daga kuɗin sababbin shiga. Don haka ko ɗan'uwanku ya ce an biya shi, ku nemi sunan kamfanin da kanku a shafin hukumar kula da kasuwar hannayen jari, ba ta adireshin da admin ya turo ba.