Masu karɓar baƙi a otal: kada takardar POS ta jawo muku rigima

Ɗaya daga cikin rigingimun da ake yawan samu a teburin karɓar baƙi ita ce ta POS. Baƙo ya sa kati, takarda ta fito da "DECLINED", amma wayarsa ta nuna an cire masa kuɗi. A ce ɗaki naira 25,000 ne, kwana 2, wato 50,000. Kada ka rubuta ya biya don ya nuna maka saƙon banki, saƙon nasa ba shaida ba ne cewa kuɗin sun shigo asusun otal. Kuma kada ka sake sa katin nan take, sau da yawa sai a cire masa sau biyu.

Ka buga takardar kwafi biyu, ka rubuta lambar ɗaki da lokaci a bayanta, ka ba shi ɗaya. Ka yi masa bayani a hankali: "Ranka ya daɗe, kuɗin ba su iso mana ba, bankinka ne zai mayar maka." Sai ya biya ta tiransifa ko kuɗi hannu, ka tabbatar sun shigo kafin ka miƙa makulli.

A rubuta komai a littafin miƙa aiki, domin ranar fita wataƙila wani ne a teburin, kuma baƙon zai tada maganar.