Layi Na Biyu Ya Fito Dishi-Dishi: Kurakuran Da Mata Ke Yi Da Tsinken Gwajin Ciki

A kemis ɗin da nake aiki a Tudun Wada, da wuya mako ya wuce ba a miƙo mini tsinken gwajin ciki a naɗe cikin leda ba, ana cewa, "Anti, duba mini, layi ɗaya ne ko biyu?" Tambayata ta farko kullum ita ce yaushe aka yi gwajin. Sai a ce jiya da daddare. To, 'yar'uwa, wannan tsinken ya riga ya tashi aiki.

Abin da tsinken ke nema a fitsari sinadari ne da ake kira hCG, wanda jiki ke fara fitarwa bayan ciki ya manne a mahaifa. Layin C yana nuna tsinken lafiyarsa ƙalau, layin T kuma shi ke kama sinadarin. Idan sinadarin kaɗan ne, launin T zai fito a koɗe. Saboda haka layi mai launi, komai rashin ƙarfinsa, in ya fito cikin mintunan da aka rubuta a jikin takardar, galibi uku zuwa biyar, ana ɗaukarsa a matsayin akwai ciki. Amma wanda ya bayyana bayan minti goma, siriri, fari-fari ko ruwan toka, shatin bushewar fitsari ne kawai. Na ga amaryar da ta jefar da tsinke a kwando, da yamma ta tono shi, ta ga wannan shatin, har albishir ya kai ga uwar miji. Ni dai dokata ɗaya ce: ki duba agogo, minti biyar ta cika ki karanta, ki jefar, kada ki waiwaya.

Ƙananan kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ki ɗirki ruwa ko shayi kafin gwaji, fitsarin farko na asuba ya fi kauri. Kada ki tsoma tsinken ya wuce alamar MAX. Ki duba ranar lalacewarsa, kuma tsinken da ya sha zafin watan Afrilu a kan taga ban yarda da shi ba. Maganin tazarar haihuwa ba ya jawo layi na biyu, amma allurar hCG da ake yi wa masu neman haihuwa tana iya nunawa har kusan kwana goma sha huɗu. Haka ma wadda ta yi ɓari ko ta haihu kwanan nan, ragowar sinadarin kan ɗauki makonni kafin ya bar jiki.

Kuskuren da ke ƙona mini rai shi ne a ga layi dishi-dishi a zauna a kansa. A farkon ciki mai lafiya, hCG kan ninka kansa duk kwana biyu zuwa uku. Ke nan in kin sake gwaji bayan kwana biyu ko uku, da irin tsinken, da fitsarin asuba, ya kamata layin ya ƙara turuwa. In ya ɓace, jini ya biyo baya kamar al'adar da ta makara, mai yiwuwa ƙaramin ciki ne ya zube tun da wuri; wannan na faruwa da yawa, kuma ba laifin mace ba ne. In kuwa ya tsaya a koɗe kwana da kwanaki, asibiti za ki je a auna sinadarin a jini, a yi hoton ciki.

Ƙanwata da ke aure a Rigasa ta yi ɓatan wata da kusan mako biyu. Gwajin farko dishi-dishi, bayan mako guda ma dishi-dishi, alhali a wannan lokacin ya ci a ce layin ya yi jawur. Tana ɗan ganin jini baƙi-baƙi, gefen mararta na dama yana tsukarta. Maƙwabta suka ce ai ciki ne ke gyara zama, ta sha jiƙe-jiƙe ta kwanta, ni kuma da nake cikin harkar ba wanda ya gaya mini! Sai da jiri ya kayar da ita a tsakar gida aka kira ni. Ashe cikin a bututun mahaifa ya zauna, ya fashe, jini na zuba ta ciki. An yi mata tiyata cikin dare, an ƙara mata jini, ta rasa bututu ɗaya. Da an yi hoton nan tun makon da ya gabata, da wataƙila an kama shi kafin ya fashe.

Don haka in layi ya fito, ko a koɗe, sannan ga ciwon mara a gefe ɗaya, ko zubar jini, ko jiri, ko ciwo a saman kafaɗa, ki bar batun sayen wani tsinken. A nemo Keke Napep a kai ki asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko asibitin da ya fi kusa a ranar, ki gaya musu ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara da ranar da kika yi kowane gwaji.