Yadda ake dawo da kod ɗin da ya ɓata a VS Code bayan maj ya taka shi

Yaran da ke koyon rubuta kod a nan Nima ta Accra kusan abu ɗaya ke cinsu. Mutum ya wuni yana rubuta wajen biyan MoMo a `payment.js`, bai yi komit ba, ya zo janyo aikin abokinsa git ya ƙi, sai ya buga `git checkout -- payment.js` don maj ɗin ya wuce, shi ke nan aiki ya tafi. Kar ka wahala da `git reflog`, abin da ba ka yi komit ba ba ya nan.

Da farko ɗauke hannunka daga kibod. VS Code tun sigar 1.66 ta 2022 yana ajiye kwafi duk sanda ka yi sebin, amma 50 kawai yake riƙewa wa kowane fayil, sabo na shiga tsoho na fita. In Auto Save na kunne saboda dumso, wato ɗaukewar wuta, kuma kana ta gyare-gyare cikin ruɗewa, kai da kanka kake kore kwafin da kake nema.

Buɗe fayil ɗin, ka duba can ƙasan Explorer za ka ga Timeline. Komit na git da kwafin edita a gauraye suke, masu File Saved su ne naka. Nemi wanda lokacinsa ya zo daf kafin maj ɗin.

To nan ne ake yin ɓarna. Suna ganin kwafin sai murna, su danna Restore Contents. Kar ka yi! Wannan yana musanya fayil ɗin gaba ɗaya, kuma maj ɗin ai ya kawo gyaran abokinka, a ce ya gyara wajen duba lambar waya, in ka dawo da tsohon duka ka yi komit ka share masa aiki, ba wanda zai lura sai kwastoma ya kasa biya. Danna dama a kan kwafin ka zaɓi Compare with File, biyun za su fito gefe da gefe, ka kwashi layukanka kaɗai ka liƙa a na yanzu. Ni ban yarda a taɓa komai ba sai an kwafe fayil ɗin na yanzu zuwa wata folda tukuna, sakan nawa zai ci maka.

In fayil ɗin ma ya goge, `Ctrl+Shift+P` ka rubuta `Local History: Find Entry to Restore`. In ka canza sunan folda Timeline ya fito wayam, a Windows shiga `%APPDATA%\Code\User\History` ka yi bincike da sunan fankshin ɗin da ka tuna, tunda sunayen fayilolin ciki ba sa karantuwa.

Fayil da ya wuce 256 KB ba a ajiye shi, haka wanda ba ka taɓa sebin a editan ba. Kod na dawowa ka gwada shi ka yi komit nan take, sannan ka shiga Settings ka ƙara `workbench.localHistory.maxFileEntries` ya kai 200, don ya riƙa riƙe kwafi 200 maimakon 50.