Yadda ake raba dogon saƙo ya shiga SMS

Kun dame ni da tambaya kan wannan, to ga shi.

1. Rubuta saƙon duka a Notes tukunna.
2. Duba ko akwai ƙ, ɗ, ɓ ko imoji a ciki.
3. In babu, SMS ɗaya na ɗaukar harafi 160. In akwai ko guda ɗaya ne, wallahi ya koma 70.
4. Ƙirga haruffan, har da sarari tsakanin kalmomi, nan ake yawan kuskure.
5. Yanka a ƙarshen jimla, kada ka raba lambar waya ko ta asusu gida biyu.
6. Sa 1/3, 2/3 a farkon kowanne, su ma suna cin wuri.
7. Tura ɗaya bayan ɗaya.

In ka bar waya ta raba saƙon da kanta, kowane kashi harafi 153 ne ko 67, kuma kowanne da kuɗinsa.