Darasi na Bakwai: Yadda ake yanke kuɗin makaranta na zango

Masu ƙananan makarantun kuɗi da yawa a Jos suna yanke kuɗin zango ne ta hanyar leƙa makarantar maƙwabci. In ta bayan layi tana karɓar dubu ashirin da biyar, sai su ce tasu dubu ashirin da huɗu don yara su zo. Amma kai ba ka san nawa maƙwabcinka yake biyan haya ba, wataƙila ma ginin nasa ne. Kuɗin zango daga littafin kashe-kashenka yake fitowa, kuma lissafin na shekara guda ake yi, sannan a raba uku.

Za mu ɗauki misalin wata makarantar nazare da firamare a Unguwar Rogo mai yara 120. Alƙaluman na koyo ne kawai, kowa ya sa nasa a madadinsu.

A fara da albashi, don shi ne mafi nauyi. Malamai takwas, kowa na karɓar naira 45,000 a wata, sun tashi 360,000. Shugaban makaranta 80,000, mai gadi 35,000, mai shara da kula da ƙananan yara 25,000. Jimla 500,000 a wata. In kai ne shugaban, rubuta wa kanka albashi. Mai makarantar da bai yanka wa kansa albashi ba, hannunsa ba ya fita daga akwatin kuɗi, kuma ba ya sanin nawa ya ɗiba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta sa naira 70,000, sai dai ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Duk da haka malaminka ya ji labarinta, kuma da ita zai auna abin da kake ba shi.

A nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Zango wata uku ne a aji, sai mutum ya lissafa albashin wata uku. To, zango uku sau wata uku wata tara ke nan, shekara kuwa wata goma sha biyu ce. Hutun Disamba, hutun Afrilu da dogon hutun Agusta duk malami yana cin abinci a cikinsu. Saboda haka kowane zango albashin wata huɗu yake ɗauka. Akwai makarantun da ba sa biyan Agusta, kuma su ne za ka ga a Satumba suna neman sababbin malamai, don nagarin sun kama wani wuri. Albashin shekara a misalinmu 500,000 sau 12 ne, wato naira 6,000,000.

Haya 900,000 ce a shekara. Kayan aiki, wato alli da maka, rajista, takardun jarrabawa, katin sakamako, ruwan 'yan garuwa da kuɗin wuta, mu ce 200,000 a zango, 600,000 a shekara. Gyaran benci, kwanon da iska ta yaye da damina, sabunta rajistar makaranta da haraji, 300,000. In an haɗa da albashi an sami 7,800,000. Sai a ɗora kashi goma cikin ɗari na ajiya saboda tashin farashi da abin da ba a zata ba, wato 780,000. Abin da makarantar ke bukata a shekara ya zama 8,580,000. Raba uku, kowane zango 2,860,000.

Yanzu da yara nawa za a raba wannan kuɗi? Rajista ta ce 120, amma ba duka ke biya ba. Yara shida 'ya'yan malamai ne da marayu da aka yafe wa. Rangwamen da ake yi wa gidan da ya kawo yara uku ko huɗu, in an tara shi, ya kai kuɗin yara huɗu. Saura 110. Sai ka buɗe littafin bara ka duba bashin da har yau bai dawo ba. A misalinmu ya kai kuɗin yara goma a kowane zango. Masu biya na gaskiya 100 ne ke nan. Raba 2,860,000 da 100, ka sami 28,600, a cike shi 29,000.

Da an raba da 120, da kuɗin ya fito kusan 24,000. Yara 100 su biya 24,000, an tara 2,400,000, giɓin 460,000 ke nan a kowane zango, kusan albashin wata guda cur. Mai makarantar zai riƙa mamakin ina kuɗi ke tafiya alhali azuzuwa cike suke.

Wanda ba ya biya daban, wanda ke biya a makare daban. Na farko mun riga mun sa shi a lissafi. Na biyu kuɗinsa zai zo, sai dai albashin Satumba ba ya jiran Nuwamba. Maganinsa a tsara biya kashi-kashi tun ranar komawa, a rubuce, uba ko uwa su sa hannu: 15,000 a makon farko, 8,000 a ƙarshen wata na biyu, 6,000 kafin jarrabawa. Ma'aikacin gwamnati a ɗaure masa ranakun da ƙarshen wata. Mai tireda ko mai sayar da kayan miya a Farin Gada kuwa, kuɗinsa kullum yake shigowa kaɗan-kaɗan, dubu goma sha biyar a dunƙule tana yi masa wuya. Irin wannan a ba shi kati ya riƙa kawo 2,900 duk mako har mako goma. Kowace naira da rasit, ko ta hannu aka bayar ko tiransifa aka yi, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa karɓa.

Idan uba ya zo ya ce, "Malam, a yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata," kada a tsaya a "ba komai, Alhaji." A tambaye shi wace rana, kuma nawa, a rubuta a gabansa. Ni ban goyi bayan korar yaro daga aji da safe a gaban 'yan'uwansa ba, don ba shi ya ci bashin ba. A kira uban a waya, a yi magana da shi. Tarar jinkiri ma ba na ba da shawararta, iyaye da yawa za su ɗauke ta kuɗin ruwa, rigima ta tashi. In ana son jawo mutane su biya da wuri, a rage wa wanda ya biya duka a makon farko naira dubu ɗaya, amma a sa wannan ragin cikin lissafi tun farko. A fi sa ido a zango na uku, musamman a kan 'yan ajin ƙarshe, don bashin da ya fita tare da yaro da wuya ya dawo.

Kuɗi na shigowa a cire 300,000 na haya da 500,000 na albashin watan hutu a kai wani asusu daban. Ranar da ka ga ka taɓa wannan asusu don biyan albashin wata na biyu, ko kana biyan bashin zangon da ya wuce da kuɗin sabon zango, to ko dai kuɗin da ka yanke ya yi kaɗan, ko karɓar ta yi sako-sako. Littafin rasit zai nuna maka wanne ne. In kuma lissafi ya ba ka kuɗin da unguwar ba za ta iya ba, kada ka rage shi da ka. Duba ko azuzuwa za su ɗauki ƙarin yara ba tare da ƙarin malami ba. Masu biya 110 a makarantar misalinmu za su sauko da kuɗin zuwa 26,000.

Aikin gida: mai gidan haya ya ƙara 300,000 a shekara, masu biya suna nan 100. Sake lissafin tun daga farko, har da kashi goma na ajiya, ka faɗi nawa kuɗin zango zai koma.